Yadda ake kare tsokar bayan cinya daga yagewa

A gasar guje-guje ta duniya ta Landan a 2017, Usain Bolt ya karɓi sanda a tseren miƙa sanda, tserensa na bankwana, bai yi nisa ba ya fara ɗingishi, ya zube a ƙasa. Tsokar bayan cinyarsa ta hagu ce ta yage. Duk mai kallon ƙwallo ya san wannan: ɗan wasa ya bi ƙwallo a guje, sai ka ga ya dafe bayan cinya kamar an jefe shi da dutse.

Tsokoki uku ne a wurin, sun taso daga ƙashin mazaunai suka sauka har ƙasan gwiwa. In kana gudun ƙure ƙarfi, ƙafa takan cilla gaba, kuma kafin ta taka ƙasa su ne ke taka mata birki. A wannan ƙiftawar ido tsokar tana miƙewa, tana kuma ja da dukkan ƙarfinta. A nan ne take yagewa, musamman in gajiya ta shiga a ƙarshen wasa, ko in ta taɓa yagewa a baya.

Maganin shi ne a koya mata riƙe nauyi tana miƙewa. Atisayen Nodik kenan, kuma aboki ɗaya ya ishe ka.

Da farko ka ɗumama jiki da sassarfa ta minti 10. Sai ka durƙusa a kan ciyawa ko tawul da aka ninka, abokinka ya danne maka idon sawu da hannu biyu. Daga gwiwa zuwa kafaɗa ka miƙe sak. Yanzu ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali, kana tirjewa da bayan cinya har ka kasa riƙewa, sannan ka tare ƙasa da tafin hannu, ka ture kanka ka dawo. Kuskuren da na fi gani shi ne lanƙwasa ƙugu a turo mazaunai baya. Wanda ya yi haka ya rage wa tsokar aiki, wahalar banza ya sha.

Makon farko rana ɗaya ta isa: sau 5, ka huta, ka ƙara 5. Mako na biyu rana biyu, sau 6 har zagaye biyu. Daga nan rana uku a mako, zagaye uku, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai 12, 10 da 8. Bayan mako 10, sau ɗaya a mako ya wadatar. Da wannan tsari aka gwada 'yan ƙwallo 942 a Denmak, raunin ya ragu da fiye da rabi.

Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma in ka ji suka a wuri guda, ko ka ga jini ya kwanta, ka dakata. Kada ka bari a murza wurin da ƙarfi; ka je likita ya duba kafin ka koma fili.