Kada ku raba farashin yau da ruwan banki

A gwajin zangon da ya wuce, tambaya ɗaya ta cinye min maki goma. An ce jarin ₦90,000 a kiwon rago zai dawo da ₦104,000 baɗi, a farashin yau. Ruwan banki kashi 30 ne, hauhawar farashi kashi 25.

Sai kawai na raba 104,000 da 1.30, na samu 80,000, na ce asara ce. Ashe akwai hauhawa cikin kashi 30 ɗin nan, amma babu ita cikin 104,000.

Hanyar gyara biyu ce. Ko dai a cire hauhawar daga ruwan: 1.30 ÷ 1.25 = 1.04, sannan 104,000 ÷ 1.04 = 100,000. Ko kuma a saka ta cikin kuɗin: 104,000 × 1.25 = 130,000, a raba da 1.30, dubu ɗarin ce dai. Ribar ₦10,000 ke nan na kira asara.

In amsoshin biyu suka saɓa, to kun gauraya.