Kafin ka buga wa wasiƙa hatimi

Ɗana, tunda yanzu kai ne akawun da ke rubuta wa 'yan kasuwa takardun Turanci a nan Illela, bari in ja hankalinka kan wasu 'yan ƙananan kalmomi waɗanda ba a cika lura da su ba. Cinikin garin nan da Hausa ake yin sa, ko a kasuwarmu ta Lahadi ko a ta Laraba da ke Birnin Ƙwanni. Amma da zarar magana ta hau takarda sai harshe ya sauya. Tsallaken iyaka Faransanci ake rubutawa, wannan ɓangaren kuwa Turanci, kuma takardar da ka rubuta tana iya zuwa hannun jami'in kwastan, ko manajan banki a Sakkwato, ko mai sayen albasa a Legas ko Ankara ta ƙasar Gana. Waɗannan mutane ba su san fuskar maigidanka ba. Abin da ka buga shi kaɗai suke gani.

A ce ƙungiyar masu albasa ta sa ka rubuta wa wani kamfanin sufuri, saboda motoci sun makara, kuma adadin buhunan da ke kan takardar kaya bai yi daidai da abin da aka loda ba. Yawancin matasan da na sani ga yadda za su rubuta:

"We write to request for a meeting to discuss about the delay. The number of bags on the waybill is different than what we loaded. Kindly reply back our letter until Friday."

Wanda ya karanta zai gane abin da ake nufi, ko ya kusa ganewa. Amma akwai wuri biyar da ke bukatar gyara a cikin layukan nan, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mu fara da "discuss about", domin shi ya fi yawa a bakin mutane, har da manyan da ke jagorantar taro. Dalilin da ya sa muke faɗa masa ba rashin karatu ba ne. Da Hausa cewa muke yi za mu tattauna a kan magana, shi ya sa hannu ke neman abin da zai tsaya a gurbin "a kan". Wanda ya yi boko a Nijar ma haka, tunda Faransanci "discuter de" yake cewa. Ka ga mu mutanen bakin iyaka ta fuska biyu ake tura mu. To amma "discuss" a Turanci ya riga ya haɗiye "about" a cikinsa, ma'anarsa "talk about". Idan ka ƙara masa wani, tamkar ka biya kuɗin fito sau biyu ne a kan kaya ɗaya. Daidai shi ne "discuss the delay", ba tare da komai a tsakani ba.

Akwai dalili na biyu, wanda idan ka riƙe shi zai warware maka kurakurai da yawa lokaci guda. Kalmomin nan suna da fuska biyu, wani lokaci suna ne, wani lokaci aikatau. Sunan yana tafiya da ƙaramar kalmar, aikatau kuwa ba ya bukatarta. Ana cewa "a discussion about the delay", wannan daidai ne, amma "we will discuss the delay". Ana cewa "our request for a meeting", amma "we request a meeting". Haka "an order for fifty bags" da "we ordered fifty bags", haka "emphasis on" da "emphasise", haka "a demand for payment" da "they demanded payment". Kunnenka ya saba jin "request for" a inda yake daidai, sai ya ɗauko shi ya kai shi inda ba wurinsa ba. Abin ya fi rikitarwa a "request" da "order" da "demand", domin sunan da aikatau rubutunsu iri ɗaya ne.

Yadda za ka rarrabe ba shi da wuya. Dubi abin da ya zo kafin kalmar. Idan "a" ne ko "the" ko "our" ko "your", kalmar suna ce, bar mata "for" ɗinta. Idan kuwa "we" ne ko "to" ko "will" ko "kindly", aikatau ce, cire shi. A wasiƙarmu an rubuta "to request for", ga "to" nan a gaba, saboda haka "for" ya fita. In kana son ƙara tabbatarwa, sauya kalmar da 'yar'uwarta mai sauƙi: "request" daidai yake da "ask for", to "request for" ya zama "ask for for", wanda kunnen kowa zai ƙi.

Sai dai kada ka ɗauki wannan ka shiga yanka duk wata ƙaramar kalma da ka gani bayan aikatau. Na ga masu yin haka, da zarar an gyara musu "discuss about" sai su zarce. Wasu aikatau ba sa tsayuwa su kaɗai. Dole ka ce "comply with the directive", "apply for a permit", "insist on payment", "object to the charge". Waɗannan babu wata doka da za ta fitar maka da su, sai dai ka haddace kowanne da abokin tafiyarsa. Nan ne ƙamus ke da amfani, kuma ba kowane ƙamus ba. Nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948 musamman domin waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Yawancin mutane ma'ana kawai suke dubawa su rufe. Kai ka duba tsarin da aka rubuta da baƙin rubutu kafin misalai, inda za ka ga irin "discuss something with somebody". Wannan layin shi ne yake gaya maka abin da ke bin kalmar da abin da ba ya bin ta.

"Reply back our letter" kuwa kuskure biyu ne a haɗe, kuma suna fuskantar juna. An ƙara abin da ba a bukata, an kuma yar da abin da ake bukata. Amsa dai dama komawa take yi wurin wanda ya yi tambaya, don haka "back" ba shi da aikin yi, kamar yadda ba shi da shi a "return back" da "refund back". Abin da "reply" ke nema shi ne "to": "reply to our letter". Mu da muke cewa "amsa wasiƙa" kai tsaye, shi ya sa muke mantawa da shi. In kana son kalmar da ke tafiya irin ta Hausa, akwai "answer": "answer our letter" daidai ne. A nan 'yan Ƙwanni sun fi mu sa'a, domin "répondre à" ya riga ya koya musu. Za ka kuma ci karo da "revert back to me" a saƙonnin ma'aikatan banki. Asalin "revert" komawa ne ga halin da ake ciki a da. Amfani da shi a matsayin amsa ya yaɗu ƙwarai a ofisoshin Indiya da Nijeriya, kuma za a gane ka, amma ko ka yi amfani da shi ka bar "back" a gida. Ni dai na fi son "reply" ko "get back to me", ba su da gardama.

Game da "different than" zan sassauta, ko da yake na san malaman da suka koyar da mu za su ɗaure fuska. Amurkawa suna faɗarsa, Turawan Ingila kuma suna cewa "different to" a hira. Wanda kowa ya yarda da shi a ko'ina shi ne "different from", kuma shi ne za ka ba mai gyaran jarrabawar WAEC hankalinka kwance. Rubuta shi a takardunka. Amma idan saƙo ya zo maka daga waje da "than", kada ka ɗauka mai shi bai iya ba. "Than" asalinsa na fifiko ne, irin "cheaper than" da "heavier than", inda wani ya fi wani. Bambanci kuwa ba fifiko ba ne, shi ya sa ya fi zama da "from", kamar yadda ake cewa "differ from".

Kada ka ji kamar ina raina Turancinmu na gida. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Nijeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Kalmar da muka ƙirƙira domin abin da muke da shi tamu ce. Wasiƙar ciniki kuwa wani abu ne daban, domin tana iya zama shaida ranar da aka sami saɓani, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ba zai karanta ta da kyakkyawan zato ba.

Wannan ya kawo mu kan na biyar, wanda ya fi sauran duka haɗari ko da yake ba a cika gyara shi ba. Huɗun farko kunya kawai suke jawowa, ma'ana ba ta sauya. "Until Friday" kuwa yana sauya magana. "Until" na abin da ke ci gaba ne har zuwa wani lokaci: "the truck will wait until Friday" na nufin motar tana nan tsaye har Juma'a. Amsa wasiƙa ba abin da ake ta yi ba ne kwana da kwanaki, sau ɗaya ake yin ta, don haka wa'adinta "by" ne. Kuma ka lura da tazarar da ke tsakanin "by Friday" da "before Friday". Na farko ya haɗa da ranar Juma'ar kanta, wanda ya amsa da yammacin ranar bai saɓa ba. Na biyu ya fitar da ita, wa'adi ya ƙare ran Alhamis. Mu "kafin Juma'a" muke cewa a duka biyun, mu bar sauran ga fahimtar juna. To ka yi tunanin ɗan kasuwan da ke son kuɗinsa su shigo domin ya sayi shanu a kasuwar Lahadi. Idan ka rubuta masa "payment by Sunday", an ba mai biya damar jira har ranar kasuwar, bankuna a rufe, dillalai sun watse. Abin da yake bukata shi ne "by Friday", kuma ka ƙara kwanan wata da lamba domin kada a tambayi wace Juma'ar. Kafin ka buga irin wannan layin, tambayi maigidan da Hausa: ranar tana ciki ko ba ta ciki?

Ga wasiƙar bayan gyara:

"We write to request a meeting to discuss the delay. The number of bags on the waybill is different from what we loaded. Kindly reply to this letter by Friday."

Ta fi ta farko gajarta, kuma babu kalma mai wuya ko ɗaya da aka ƙara.

Wata rana shugaban ƙungiya ko maigidanka zai miƙo maka rubutun hannunsa da "discuss about" a ciki, ya ce ka buga. Kada ka gyara shi a gaban jama'a, ba tarbiyyarmu ba ce. Idan cire kalma ne kawai, cire ta a wurin bugawa, da wuya ma ya lura. Idan kuwa gyaran ya taɓa rana ko kuɗi ko adadin kaya, irin "by" da "before", kada ka sauya da kanka. Same shi shi kaɗai, ka ce, "Alhaji, wannan wurin yana iya ɗaukar ma'ana biyu, wacce kake nufi?" Abin da ya faɗa shi za ka rubuta, sannan ka karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu.