Gwaiduwar ƙwai da launin ɓawonsa

'Ya'yana, na ga wasunku sun fara fasa ƙwai su cinye farin, su ture gwaiduwar gefe, wai tana ƙara kwalastarol a jini. Ku tsaya mu duba maganar a hankali.

Gaskiya ne babban ƙwai guda yana ɗauke da kwalastarol kimanin miligiram 186, kuma duk a cikin gwaiduwa yake. Da can likitoci kan ce kada a wuce miligiram 300 a yini, ka ga ƙwai biyu sun haura ke nan. Sai dai mafi yawan kwalastarol ɗin da ke yawo a jininku ba daga kwano ya zo ba, hantarku ce ke yin sa, domin jiki na bukatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta da haɗa ruwan matsarmama. In an ci da yawa, hanta takan rage nata. Shi ya sa a 2015 Amurka ta cire wannan iyaka ta 300 daga ƙa'idojinta na cin abinci. Mai lafiya ya ci ƙwai ɗaya a yini ba abin damuwa ba ne, ga kuma bitamin A da D da B12 da ke zaune a gwaiduwar da ake zubarwa.

Abin da ya fi ɗaga kwalastarol shi ne mai irin wanda ke daskarewa: kitsen nama, man shanu, bota, manja. Ku lura da teburin mai shayi. An fasa ƙwai uku, an tsiyaya mai har yana iyo a kasko, an lafta wa burodi bota, an tuttula madarar gwangwani a kofi. In sakamakon gwaji ya fito ba daɗi, sai a ɗora wa ƙwai laifin shi kaɗai. Dafaffe ya fi muku.

Amma ba kowa ne ɗaya ba. Akwai waɗanda kwalastarol ɗinsu kan tashi sosai in sun yawaita ƙwai, haka mai ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko wanda ya gaji matsalar a gida, kowanne ya bi abin da likitansa ya yanka masa. Ba a jin hauhawar kwalastarol a jiki, gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi.

Batun jan ƙwai da fari kuwa, wai ɗaya ya fi ɗaya amfani, bai da tsawo. Jinsin kaza ne ke sa launi, kuma a ƙarshen ginin ɓawo ake shafa shi a waje. Ku fasa jan ƙwai ku leƙa cikin ɓawon, fari za ku gani. Abincin kaza ne ke canza abin da ke ciki: wadda ta samu ganye da jar masara gwaiduwarta ta fi ja, ko wane irin ɓawo gare ta. In za ku saya, ku duba sabunta. Sabon ƙwai yakan nutse ya kwanta a kwanon ruwa, wanda ya jima sosai sai ya taso sama.