Tambarin Hukuma a Cikin Hoto: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ciniki ya koma cikin waya. Mai kemis a Kwoi ko Zonkwa ba ya shiga mota zuwa Kafanchan don ya ga kaya, dila ne zai turo masa hoton kwali, ya ce: “Duba da kanka, ga lambar NAFDAC nan.” Manomin citta a Kachia ma haka yake sayen maganin feshi. To a sani tun yanzu: hoto yana iya tona asirin jabu, amma ba ya iya shaidar cewa kaya na gaske ne. Wanda ya iya buga sunan kamfani a kwali, buga tambarin hukuma ba zai gagare shi ba. Kama da wane ba ta wane. Ga ƙa'idojin, kuma babu rangwame a cikinsu.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka nemi hoton kowane gefe na kwalin. Gaba, baya, gefuna biyu, sama da ƙasa, sannan a buɗe a ɗauki katin ƙwayar ko kwalbar da ke ciki. A ɗauka cikin haske, yadda kowane harafi zai karantu. Dilan da ya tsaya a kan hoto ɗaya bayan ka nemi sauran ya riga ya ba ka amsa.

2. Ka san hukumar da kayan ke ƙarƙashinta. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magani, abincin da aka sarrafa, ruwan leda, kayan shafa da maganin ƙwari rajista. Wayar lantarki, siminti da rodi kuwa na hukumar SON ne, mai alamar NIS da MANCAP ga kayan da aka yi a gida. Alamar SON ba ta maye gurbin lambar NAFDAC a kwalin magani.

3. Ka karanta lambar, ka bi ta har gida. Abin nema shi ne rubutun `NAFDAC Reg. No.` da lambar da ke gabansa. A kan magunguna za ka yawan ganin ta fara da `04-`, `A4-` ko `B4-`. Ka rubuta ta a kundin magunguna na hukumar, `greenbook.nafdac.gov.ng`, ka gwada abu huɗu da abin da ke kan kwalin: sunan maganin, ƙarfinsa, kamfanin da ya yi shi, da ko rajistar tana da rai. Rajistar magani ta shekara biyar ce, sai an sabunta. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya saɓa, ciniki ya mutu.

4. Ka gwada ciki da waje. Lambar rukunin da aka sarrafa tare, wadda ake rubutawa `Batch No.` ko `Lot`, da ranar yi da ranar ƙarewar aiki, dole su zama iri ɗaya a kwali da katin ƙwayar. Idan sun bambanta, wataƙila tsohon kaya aka zuba a sabon kwali. Ka kuma ƙara girman hoton a kan kwanan wata. Takarda da aka manna a kai, ko gurbin da aka goge, dalili ne na ƙin kaya nan take.

5. Ka kankare da hannunka idan kaya sun iso. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin tantancewa ta waya, kuma an fi ganinsa a kan maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Ka kankare rufin da ke kan kwalin, ka tura lambar sirrin da ke ƙarƙashinsa daga wayarka zuwa gajeriyar lambar da aka buga a wurin, kyauta ne. Ka karanta amsar duka: sunan da ta kawo dole ya zama na maganin da ke hannunka.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka karɓi hoton amsar tantancewa daga mai sayarwa. Lambar sirri ta kwali ɗaya ce. Hoton saƙon da ya shiga wayar wani bai ce komai a kan katan ɗin da za a ɗora maka a mota ba. Kwalin da ya zo a kankare, ka mayar.

2. Kada ka ɗauka rajista ta wanke kowane rukuni. A ƙarshen 2008 aka fara kai jarirai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙodarsu ta daina aiki, bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin. Maganin yana da rajista, amma guba ta shiga abin da aka haɗa shi da shi, kuma zuwa farkon 2009 yara 84 sun rasu a faɗin ƙasa. A Afrilun 2024 ma NAFDAC ta janye rukuni mai lamba 329304 na maganin tarin yara Benylin. Don haka ka duba sanarwar janye kaya ta hukumar da lambar rukuni, ba da sunan magani kaɗai ba.

3. Kada tarin alamun ƙasashen waje ya ruɗe ka. Alamar CE ta kasuwar Turai ce. ISO 9001 shaida ce ta yadda masana'anta ke tafiyar da aikinta, ba ta abin da ke cikin kwalba ba. Layukan da ake haskawa a kanti lambar gane kaya ce kawai. Ko alamun sun kai goma, babu lambar NAFDAC, babu izinin sayar da maganin a Najeriya.

4. Kada ka ce lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya tana nufin yana warkarwa. Lambar da ta ƙare da `L` a kan irin wannan magani izini ne na shekara biyu, wanda ya tsaya ga cewa ba a same shi da illa ba. Iƙirarin warkar da suga ko basir na mai maganin ne, ba na hukuma ba.

5. Kada ka yanke hukunci da launi ko ƙyalli. Kyamarar waya tana sauya launi, tura hoto yana rage kaifinsa, kuma tambari mai walƙiya sai an juya shi a haske ake gane shi.

YADDA AKE YI A AIKACE

A ce an turo maka hoton maganin zazzaɓi, artemether da lumefantrine mai ƙarfi 20/120, ƙwaya 24 na babban mutum. Ka nemi sauran hotuna, sun zo. Lambar rukuni ta yi daidai ciki da waje, lokacin aikinsa bai ƙare ba. Sai ka rubuta lambar rajistar a kundin, ta fito da sunan maganin ciwon kai na wani kamfani dabam. An saci lambar ke nan. Kada ka biya, kada ka saurari “kuskuren ɗab'i ne”. Ka ajiye hotunan, ka kai rahoto ofishin NAFDAC na Kaduna. Idan kuwa komai ya dace, abin da ka sani shi ne kwalin bai yi ƙarya ba tukuna. Saura rasit mai lambar rukuni daga dila mai lasisi, saura kankarewa idan kaya sun sauka.

Masu kemis da masu shagunan kayan gona na kudancin Kaduna, mutumin da ke sayen kayanku bai ga dila ba, ku ya gani, ku ya yarda da ku. Kada ku tura kuɗi a kan hoto ɗaya, kuma kada ku ɗora a kan kanta abin da ba ku tantance da hannunku ba.