Darasi: Takardar shaida daga mai gida

'Yan uwa mata, wasunku suna zaman haya a Gesse ko cikin garin Argungu, suna kuma tara kuɗi da burin samun gidan kansu. Duk wadda ke zuba kuɗi a asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, wanda bankin FMBN ke kula da shi, tana iya neman bashin gida bayan ta yi aƙalla wata 6 tana zubi. Ma'aikaciyar gwamnati tana da takardar albashi da za ta nuna. Mai sayar da shinkafa ko ƙuli-ƙuli ba ta da ita, don haka banki na iya neman wata shaida cewa tana biyan abin da ke kanta a kan lokaci. Nan ne takardar mai gida take amfani. Wasu ofisoshin biza ma sukan so ganin shaidar wurin zama.

Mu ɗauka Hajiya ta shiga gidan haya a Gesse a watan Janairun 2021, tana biyan naira 200,000 a shekara. Takardar ta faɗi sunanta yadda yake a katin NIN, da adireshin gidan, da watan da ta shiga, da kuɗin hayar, da cewa ba a bin ta ko kwabo. Mai gida ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata da lambar wayarsa, domin ana iya kiransa. "Mutuniyar kirki ce" magana ce mai daɗi, amma banki ba ya lissafi da ita.

Abin da na fi gani yana kawo cikas shi ne suna. Sau da yawa matar ce ke biya daga cinikinta, amma rasit yana fitowa da sunan mijinta. In haka ne, a shawarci maigida, daga biya na gaba a riƙa rubuta sunayen biyu. Kada ki roƙi mai gidan haya ya rubuta abin da ya saɓa wa rasit. Da an gwada takardun biyu aka ga bambanci, shikenan, har sauran takardunki sai a fara zarginsu.

Wasu masu gidaje kuma sukan ƙi, don suna zaton sa hannu yana nufin sun tsaya miki. Ki yi masa bayani a hankali: "Alhaji, ba tsaya mini za ka yi ba. In na kasa biyan banki, ba ruwanka. Shaidar abin da na riga na biya kawai nake nema." Ni shawarata, ki je da takardar a rubuce da Turanci, ya karanta ko a karanta masa, sannan ya sa hannu.

In wakili ne ke karɓar haya, shi ma yana iya rubutawa, amma ya ambaci sunan mai gidan. Kafin ki miƙa ta, ki yi kwafi biyu, ɗaya ki ajiye tare da littafin zubinki.