Shirin Ma'aikaci Kafin Ranar Ajiye Aiki

 Darasinmu na wannan karo ya shafi ma'aikacin gwamnati wanda ritaya ta kusanto shi, alhali fanshon da ke jiransa bai kai nauyin gidansa ba. Mun sha ganin dattijo mai mutunci, shekara guda bayan ya ajiye aiki, ya tsaya bayan sallar asuba yana neman rance a asirce. Galibi ba almubazzaranci ya kai shi nan ba. Lissafi ne bai yi ba tun albashi na shigowa.

Ku sani kuɗin da ma'aikaci ke karɓa a ƙarshen wata kashi biyu ne: tushen albashi, wanda ke bin matsayinsa, da alawus-alawus da ke bin kujerar aiki. Ana lissafa fansho a kan tushen albashi da yawan shekarun aiki. Alawus kuwa ranar da mutum ya bar kujera yake barinsa. Saboda haka aikin farko, tun saura shekara biyar, shi ne mutum ya ɗauki takardar albashinsa ya tafi asusun fansho na CARENI, ya nemi a nuna masa abin da zai samu.

Bari mu buga misali da malamin makaranta a Maraɗi, mai karɓar jika 200 a wata: 150 tushe, 50 alawus. Mu ɗauka zai cika shekara 30 a bakin aiki, kowace shekara kuma ana ba shi kashi 2 cikin 100 na tushe. Ya samu kashi 60 na jika 150, wato jika 90. Gidan da ya saba cin 200 zai wayi gari da 90, giɓin ya zama jika 110 kowane wata.

Ga yadda 200 ɗin ke tafiya: abinci 80, hayar gida 35, biyan bashin filin da ya saya 25, karatun yara 20, ruwa da wuta 15, magani da hidimar dangi 25. Wanda ya dubi wannan lissafi zai ga haya da bashi kaɗai sun cinye 60, fiye da rabin giɓin. To, toshe waɗannan ƙofofi biyu ya fi gaggawa a kan neman sabuwar sana'a, domin jikar da ba ta fita ba tabbatacciya ce, ribar kasuwa kuwa sai an gani.

Idan bashin zai ƙare nan da shekara biyu, kada malam ya ci wani sabo, kada kuma ya bari jika 25 ɗin ta narke cikin cefane. Ya ci gaba da cire ta kamar bashin na nan. A wata 36 da suka rage ta zama jika 900. Da ita zai tayar da ɗakuna na ƙasa da makewayi a filinsa, sannu a hankali, ya tare kafin albashi ya tsaya. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne aza harsashin babban gidan siminti, ritaya ta riske shi ginin yana tsayin taga, ga haya ba ta tsaya ba. Haka kuma duk bashin da wa'adinsa zai ƙetare ranar ritaya, ko da babu kuɗin ruwa a kansa, nauyi ne da aka auna da albashi za a ɗora wa fansho. Mai kuɗin ruwa kuwa hukuncinsa a shari'a sananne ne.

Mataki na biyu, ya zauna da uwargida ya nuna mata lissafin ƙarara, su rage jika 15 daga kashe-kashen wata tun yanzu. Sayen hatsi da kaka, maimakon awon tiya-tiya da damina lokacin tsada, zai ɗauke wani sashe na wannan ragi. Da haka bukatar gida ta sauko zuwa 125, giɓin ya koma 35. Cikin shekara biyu wannan tanadi ya tara jika 360.

Da wannan kuɗi zai gwada sana'a tun yana da albashin da zai rufa masa asiri idan ta faɗi. Mu ɗauki kiwon raguna. A misalinmu ya sayi huɗu a kan jika 50 kowane, dusa da harawa na wata huɗu suka ci 100, allura da maganin tsutsa 10. Jimla 310. Idan ya sayar da kowane 95 gab da layya, ya samu 380, ribarsa 70. Amma idan ɗaya ya mutu, 285 zai samu, ya faɗi da 25. Ya duba ragon tun wurin saye, domin mai ido ɗaya ko gurgu ba ya isa layya, ba ya kuma kuɗi. Ya sani farashin dabba a nan yana bin kasuwar Nijeriya da darajar naira. In ya yi zagaye biyu a shekara lafiya, abin da ya samu bai wuce jika 12 a wata ba. Kun ga kiwo bai cike 35 ba. Sauran 23 sai a nema daga wajen da malam ya fi ƙwarewa, kamar koyar da yara da maraice, ko ya fitar da shago a ƙofar gida ya ba da haya.

Wani zai ce gara ya ba ɗan kasuwa kuɗin ya juya masa. Ƙiradi halal ne da sharuɗɗansa: a raba riba da kaso sananne, kamar rabi ko sulusi, hasara kuma ta hau kan mai dukiya muddin mai juyawa bai yi sakaci ba. Wanda ya ce maka kawo jika 500, zan riƙa ba ka 25 kowane wata, uwar kuɗinka kuma tana nan ko ta halin ƙaƙa, wannan rance ne mai jawo amfani, kuma sau da yawa daga cikin kuɗinka ake yanko maka har su ƙare. A rubuta yarjejeniya, a kafa shaidu, ko da ƙaninka ne.

Jika 15 ta shekara uku na ƙarshe, wato 540, kada a taɓa ta. Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan yi jira, wannan kuɗi kuwa zai riƙe gidan wata huɗu. Abin da ke tsawaita jiran galibi takardu ne. Tun yanzu ya tattara takardar ɗaukarsa aiki, da na ƙarin girma, da takardun haihuwarsa da na ƴaƴansa, ya tabbatar suna da ranar haihuwa sun dace a ko'ina. In ya yi wasu shekaru yana ɗan kwantiragi, ya bincika ko an lissafa su. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a rubuta shi wurin hukuma ba, ya gaggauta yi masa takarda, domin in ya riga matarsa rasuwa da ita za ta nemi haƙƙinta da na marayu.

Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a 1994, da watannin da albashi ya riƙa makara a shekarun nan, sun san kuɗin takarda ba ya tsayawa wuri ɗaya. Don haka malam ya sake wannan lissafi kowace shekara bayan kaka, da alƙaluman gidansa ba na misalinmu ba.

Allah Ya sa albarka cikin kaɗan ɗinmu, Ya rufa asirin dattawanmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.