Mita uku, amsa uku: abin da diyod ɗaya ya koya mini a Deira

Wanda ya kalli bidiyon mitocin awon wuta da na sayo a Dubai zai tuna wurin da na ce lissafin ya fi ƙarfin bidiyo, sai dai a rubuce. To ga shi.

A Deira na sayi wani ƙarfen narka dalma mai wat 60, irin na masu gyaran waya, mai makunni biyu: zafi sosai da zafi kaɗan. Da na koma masauki na kwance hannunsa don in ga dabarar da ke rage zafin. Ba komai a ciki sai diyod guda ɗaya, 1N4007. In ka sa makunnin a zafi kaɗan, wutar ta cikinsa take bi.

Sai na ɗora mita a kan wayoyin da ke shiga abin ɗumamawar. Ƙaramar mita mai arha, a kan AC, ta nuna kusan 230. Na juya wayoyinta, ja ya koma wurin baƙi, ta nuna sifili. Mita ta biyu mai rubutun True RMS ta nuna 125. Na mayar da ita kan DC, ta ce 103. Abokina da muke ɗaki ɗaya ya leƙo ya ce, "Malam, ai an sayar maka da gawa, gobe mu mayar musu da kayansu." Ba mu mayar ba, domin babu wadda ta lalace. Kowacce tambaya daban take amsawa, kuma a cikinsu babu wadda ta faɗi lambar da ke nuna zafin ƙarfen.

Me 230 ɗin soket take nufi?

Wutar da hukumar DEWA ke bai wa gidaje a Dubai bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, daidai da ma'aunin da ake bi a Najeriya. Amma wutar ba a 230 take tsaye ba. Tana tashi daga sifili ta kai ƙololuwa, ta sauko, ta juya ɗaya ɓangaren, ta dawo. Wannan siffar ita ce igiyar sayin, kuma ƙololuwarta 230 × 1.414 ce, wato kusan bolt 325.

To 230 ɗin fa? Ita ce RMS. Ma'anarta a sauƙaƙe: in ka kawo wutar batir mai tsayawa cik a bolt 230, zafin da za ta haifar a cikin waya daidai yake da na wannan igiyar. Ana samun ta ta matakai uku. Ka ninka kowane awo da kansa, ka ɗauki matsakaicin abin da ka samu, sannan ka cire tushensa. Dalilin ninkawar shi ne ƙarfin da ke zama zafi yana bin V² / R ne, ba V kaɗai ba. Bolt ya ninku biyu, zafi ya ninku huɗu.

Matsakaici kuwa wani abu ne daban. Shi tarawa ake yi a raba, ba a ninka komai. Matsakaicin cikakkiyar igiyar sayin sifili ne, domin rabin sama yana cinye rabin ƙasa. Shi ya sa in ka sa mita a DC ka auna soket ba za ka ga komai ba, alhali wutar tana nan da ranta.

Idan diyod ya yanke rabin igiyar

Diyod ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya. Rabin sama ya wuce, rabin ƙasa ya tsaya. Abin da ke isa ga ƙarfen shi ne tudu ɗaya na milidaƙiƙa 10, sai shiru na milidaƙiƙa 10, sai wani tudun. Shi kansa diyod ɗin yana cin ƙasa da bolt 1, don haka mu bar shi a gefe.

Mu fara da matsakaici. Matsakaicin tsayin tudu ɗaya shi ne 2/π na ƙololuwa, wato 0.637. Tun da rabin lokaci babu komai, sai mu raba biyu, mu samu 0.318. Saboda haka 325 × 0.318 ya ba mu kusan bolt 103. Kun ga lambar da mita ta nuna a kan DC ke nan. DC matsakaici take aunawa.

Sai RMS, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Da yawa sukan ce tun da an yanke rabi, 230 ta koma 115. A'a. Rabawar tana faruwa ne kafin a cire tushe. A cikakkiyar igiya, in ka ninka awo da kansa ka ɗauki matsakaici, rabin Vp² kake samu. An yanke rabin lokaci, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tushen ɗaya cikin huɗu kuwa rabi ne.

```
Vavg = Vp / π = 325 / 3.14 ≈ 103 V
Vrms = Vp / 2 = 325 / 2    ≈ 163 V
```

Yanzu mu gwada a kan ƙarfen. Wat 60 a bolt 230 na nufin turjiyarsa 230² / 60 ce, kusan om 880. Da diyod, 163² / 880 ya ba mu wat 30. Rabin zafi cif, kuma hankali ma ya yarda da haka, tun da rabin lokaci ne kawai wutar ke shiga. Abokina ya ɗauki 103 ya yi lissafinsa ya samu wat 12. Wanda ya ɗauki 115 zai samu wat 15. Duk biyun sun yi ƙasa sosai, kuma wanda ya zaɓi rezista ko ya ƙiyasta zafin wani abu da irin wannan lissafin, ƙauri ne zai sanar da shi kuskurensa.

Me ya sa mitocin suka saɓa?

Ƙaramar mitar nan ba ta san RMS ba. A ɓangaren AC nata ita ma diyod ɗaya gare ta. Tana yanke rabin igiyar, ta auna matsakaici, ta ninka da 2.22, domin ta ɗauka duk abin da za ka ba ta sayin ne mai tsabta. Na ba ta tudun da take so, ta ga 103, ta ninka, ta ce 230. Na juya wayoyi, diyod ɗinta ya tare tudun, ta ce sifili. Wannan gwajin juya waya shi ne hanya mafi sauƙi ta gane irinta.

Ita kuma mai True RMS da gaske take lissafi, sai dai yawancin irinta suna da kafasita a bakin shiga wanda ke tare kason DC. Igiyarmu tana ɗauke da DC na bolt 103, mitar ta cire shi ta auna saura, ta samu 125. In kana son cikakkiyar amsa, ka auna sau biyu ka haɗa su haka:

```
Vrms = √(DC² + AC²) = √(103² + 125²) ≈ 162 V
```

Kun ga mun dawo kan 163, in ban da ɗan abin da muka zubar wajen taƙaita lambobi. Mitar da ke da zaɓin AC+DC ita ce ke yin wannan haɗin da kanta. Dabarar kuma da True RMS kaɗai take aiki.

Inbata: inda abin ya shafi aljihu

Akwai mitoci na tsakiya, waɗanda suka fi ƙaramar nan amma ba True RMS ba. Su suna juyo rabin ƙasa ya koma sama, su auna matsakaici, su ninka da 1.11. Lambar daga sayin ta fito: 0.707 a raba da 0.637. Muddin siffar ta sauya, 1.11 ta daina zama gaskiya.

Ɗauki inbata mai arha da aka rubuta wa Modified Sine Wave a kwali, irin da 'yan kasuwarmu ke lodi zuwa gida. A misali mafi sauƙi, tana ba da +325 na kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, sai sifili, sai −325, sai sifili kuma. Rabin lokaci ke nan akwai wuta. RMS ɗinta 325 × √0.5 ne, wato 230, daidai yadda ake so. Amma matsakaicinta bayan juyowa 325 × 0.5 ne, kusan 163. Mita ta ninka da 1.11, ta nuna maka kusan 181. Sai ka zaci inbatar ba ta da ƙarfi, alhali lafiyarta lau. Mafi muni shi ne mai gyara ya buɗe ta ya ƙara mata wuta har mitarsa ta nuna 230, wanda a zahiri ya wuce ma'auni da nisa, ƙwayaye da caja su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Igiya mai kusurwa huɗu, wadda ke tsalle kai tsaye daga +230 zuwa −230 ba hutu, akasin haka take yi. RMS ɗinta da matsakaicinta duk 230 ne, don haka mitar za ta nuna kusan 255, ta ƙara kashi 11 cikin ɗari. Wato kuskuren ba gefe ɗaya yake bi ba, siffar igiyar ce ke yanke hukunci.

Iyakar dabarar diyod

Rage zafi da diyod yana aiki ne a kan abin da waya mai ɗumama ce zalla. Kada ku sa shi gaban taransifoma ko fankar sama. DC ɗin nan na bolt 103 ba ya ganin komai a cikin naɗin waya sai 'yar ƙaramar turjiya, sai wuta mai yawa ta kwarara, abin ya yi gurnani, ya yi zafi, ya ƙone. Kuma 1N4007 amfiya 1 kawai yake ɗauka. Ya ishi ƙarfe mai wat 60, amma bai isa hita ko dutsen guga ba.

Duk awon nan a kan wutar soket na yi shi, kuma bolt 325 ba ta wasa. Na maƙala wayoyin mita ne ƙarfen yana cire daga soket, sannan na kunna ban taɓa komai ba. In ba ka saba ba, ka yi gwajin da taransifoma mai bolt 12, diyod a bayanta, da rezista mai om 1000. Ƙololuwa kusan 17 ce, don haka ka sa ran ganin wajen 5 a kan DC, RMS kuma wajen 8.

Ga mai shirin sayen mita, shawarata ita ce in aikinka ya shafi inbata, sola ko makunnin rage hasken fitila, ka nemi True RMS, in da hali mai AC+DC. Wanda ya yi gwajin bolt 12 ɗin, ya turo mana lambobi uku: DC, AC, da abin da ya gani bayan ya juya wayoyi. Daga nan za mu gaya masa irin mitar da ke hannunsa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.